Gwajin Sunan Kasuwanci a Waya Cikin Hayaniya: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da masu shirin buɗe shago ko ƙaramin kamfani suke yawan yi kafin su buga allo, su yi rajista, su buɗe asusun banki da sabon suna. An sa musu lamba don a iya komawa daga wata amsa zuwa wata.

1. Sunan da na zaɓa yana da daɗi, kowa a gida ya yaba. Me zai sa in gwada shi a waya?

Saboda mutanen gida sun ji shi ne daga bakinka kai tsaye, suna kallon leɓɓanka, a ɗakin da babu hayaniya, kuma wataƙila sun riga sun gan shi a rubuce. Sabon mai saye ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shi abokinsa ne zai kira shi yana tsaye a bakin titi ya ce masa "je wajen su wane, kayansu na da kyau", ko yaron shagonka ya ɗaga waya yana kusa da janareta ya faɗi sunan sau ɗaya da sauri. Abin da ya shiga kunnensa a wannan lokacin shi zai riƙe, shi zai faɗa wa mai a-daidaita-sahu, shi kuma zai rubuta idan zai neme ka a intanet.

Akwai wani wurin da abin ke taɓa aljihu kai tsaye. Mai tura kuɗi yakan duba sunan da ya fito a kan asusun kafin ya danna. Idan abin da ya ji a waya bai yi daidai da abin da ya gani a fuskar wayarsa ba, ko dai ya sake kira don ya tabbatar, ko ya fasa gaba ɗaya, musamman yanzu da kowa ke tsoron 'yan damfara.

2. Mene ne waya take yi wa murya har suna ya canza?

Layin waya na gargajiya ba ya ɗaukar muryar mutum gaba ɗayanta. A ma'aunin kaurin sauti da kaifinsa, wato haz, yana ɗaukar sautin da ke tsakanin haz 300 da haz 3,400 ne kawai, ya zubar da abin da ke ƙasa da wanda ke sama. Wasula, wato a, e, i, o, u, mafi yawan abin da ake gane su da shi yana cikin wannan tsakanin, don haka sukan isa lafiya. Baƙaƙen da ake furtawa da hucin iska su ke shan wahala. Kaifin s, alal misali, yawancinsa yana sama da haz 4,000, inda layin ya riga ya yanke. Idan aka cire wannan kaifin, abin da ya rage na s bai da wani bambanci sosai da f. Shi ya sa sunan da ka sa masa Fata zai iya isa kunnen wani a matsayin Sata, kuma babu mai son wannan a kan shagonsa.

Bayan yankan, wayar hannu tana matse muryar don ta wuce ta iska. A tsarin 2G, abin da ake turawa bai wuce kilobit 13 a daƙiƙa ba, kuma idan turken sadarwa ya cika da masu kira ko sabis ya yi rauni, yakan sauka zuwa wajen 5 ko 6. Muryar takan koma kamar ta cikin gwangwani, gajerun baƙaƙe irin su t da k su dushe. Ana tura maganar ne guntu-guntu, kowane guntu kashi 1 cikin 50 na daƙiƙa. Baƙi guda ba ya ɗaukar fiye da 'yan guntaye, saboda haka idan uku ko huɗu suka ɓace a hanya, baƙin ya tafi ke nan.

Sababbin wayoyi a kan 4G sukan ɗauki murya mai faɗi, daga wajen haz 50 zuwa 7,000, inda s da f suke rabuwa sarai. Amma sai wayoyin biyu da layin duk sun iya, kuma kira daga wani kamfanin sadarwa zuwa wani sau da yawa yakan koma tsohon ƙunci. Kai ba ka da iko a kan wayar mai saye, don haka da mafi munin layi za ka yi lissafi.

3. Waɗanne baƙaƙe ne suka fi rikiɗewa?

A shekarar 1955 George Miller da Patricia Nicely suka yi wani gwaji da har yau ake kafa hujja da shi. Sun sa mutane sauraron baƙaƙen Ingilishi 16 a cikin hayaniya da kuma ta layin da aka yanke wa sauti, suka lissafa wanne ake ɗauka a matsayin wanne. Abin da suka gano shi ne kunne yakan riƙe ko baƙi na hanci ne ko ba na hanci ba, da kuma ko maƙogwaro ya kaɗa wajen furta shi, ko da hayaniyar ta yi yawa. Abin da ke saurin ɓacewa shi ne wurin da aka furta baƙin a cikin baki, a leɓe ne, ko a bayan haƙora, ko can ciki. Ma'ana, da wuya a rikita m da t, amma m da n kullum cikin musayar wuri suke. Haka b da d da g, haka t da k, haka f da s.

Gwajin da Ingilishi aka yi shi, amma kunne ɗaya ne, kuma a Hausa akwai ƙarin namu. Baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ts, ɗan abin da ya raba su da b da d da k da s gajere ne ƙwarai, hayaniya kan haɗiye shi. Ƙafa ta zama kafa, tsara ta zama sara, ɓari ya zama bari. Ita kuma f ɗin Hausa da leɓɓa biyu ake hura ta, ba ta da ƙarfi tun asali, don haka ita ce ta fi kowa saurin ɓata, wani lokaci ta koma s, wani lokaci h.

Wannan ba yana nufin ka guji duk sunan da ke da f ko ƙ ba. Tambayar da za ka yi wa kowane suna ita ce, idan wannan baƙin ya koma ɗan'uwansa, shin wata kalmar ce daban za ta fito? Idan abin da zai fito ba kalma ba ce, kunnen Bahaushe zai gyara da kansa. Lafiya ko an dushe f ɗinta lafiya za a ji. Fa'ida kuwa Sa'ida na nan tana jiranta.

4. Karin sauti da tsawon wasali fa, su ma suna ɓacewa?

Su ne suka fi jurewa. Tushen muryar namiji yana wajen haz 100 zuwa 150, ƙasa da inda layin ke farawa, amma kunne yakan gano hawa da saukar murya daga sautukan da ke samansa, waɗanda layin ya bari. Tsawon wasali kuma lokaci ne, waya ba ta rage shi. Don haka garin da ake zama a ciki da garin tuwo ba sa rikicewa a waya. Matsalarsu a rubutu take, inda duka biyun gari ake rubutawa, kuma wanda ya fara ganin sunan a allo zai iya faɗarsa da karin da ba naka ba. Duba tambaya ta 9 a kan bambancin kuskuren ji da na rubutu.

5. Me nake bukata kafin in fara gwajin?

Sunaye uku ko huɗu da kake zaɓe a tsakaninsu, kada su wuce haka, don mai sauraro yakan gaji. Ka ƙara suna guda da kowa ya sani, kamar Kantin Kwari ko Dawanau, a matsayin ma'auni. Amfaninsa shi ne idan har shi ma ba a ji shi ba, to layin ne ya mutu ko hayaniyar ta wuce kima, sai a soke wannan kiran kada a ɗora wa sunayenka laifin da ba nasu ba.

Sai wayoyi biyu a kan layukan kamfanoni daban-daban, misali ɗaya MTN ɗaya Airtel, kuma ɗayarsu ta kasance ƙaramar waya mai maɓallai, irin wadda 'yan kasuwa da direbobi da yawa suke riƙewa don kira. Idan duka manyan wayoyi ne, shiga saitin ɗaya ka nemi Preferred network type ka mayar da ita 2G, in wayar ta ba da dama. Sai masu faɗar sunan mutum biyu, namiji da mace, kuma zai fi kyau ɗaya ya zama wanda zai riƙa ɗaga wayar shagon. Kai mai sunan kada ka zama mai faɗa, domin ba ka iya hana kanka jan sunan da lallaɓa shi. Sai masu sauraro goma, da takarda da biro ga kowane.

6. Wa ya dace ya zama mai sauraro?

Wanda bai taɓa jin sunan ba, bai taɓa ganinsa ba, kuma bai san irin sana'ar da za a yi ba sai abin da aka faɗa a cikin kiran. Wannan shi ne sharaɗin da in aka karya shi gwajin duka ya lalace. Kunnen da ya san suna yakan cike giɓin da kansa, ya ji abin da bai iso ba. Saboda haka kowane mutum sau ɗaya kawai yake da amfani ga kowane suna. Idan ka gyara sunan za ka sake gwadawa, sai ka nemi sababbin kunnuwa.

Goman nan su yi kama da masu sayen kayanka. A sa mutum biyu ko uku da suka haura shekara 50, domin ji na sautuka masu kaifi shi ne ke fara raguwa da shekaru, daidai wurin da s da f da ts suke. Idan kana harka da mutanen Sakkwato, Katsina ko Maraɗi, a sa nasu a ciki, don a karin harshen yamma f takan koma h ko hw, a ce hita, a ce hwara, kuma haka za su faɗa wa na gaba. Idan shagon a Sabon Gari yake ko Abuja, inda masu saye da yawa Hausa ba harshen uwarsu ba ce, a sa su su ma. Su galibi ba sa raba ƙ da k ko ɗ da d ko da babu hayaniya.

7. Wace irin hayaniya zan yi amfani da ita, kuma yaya ƙarfinta?

Iri biyu ake so. Ta farko ƙarar inji, janareta ko injin markaɗe ko titi mai motoci. Ta biyu surutun jama'a, irin na cikin kasuwa ko tasha. Ta biyun ta fi cutarwa ko da ƙarfinsu ɗaya, saboda muryoyin mutane suna zaune ne a daidai inda muryar mai kiranka take, kuma na'urar rage hayaniya da ke cikin waya ta fi iya share ƙarar da ba ta canzawa irin ta janareta. Da surutu kuwa takan rikice, har ta datse wani ɓangare na maganar mai wayar.

Game da ƙarfi, hira ta yau da kullum a tazarar mita 1 tana wajen desibel 60 a ma'aunin ƙara, titi mai cunkoso kuma yakan kai 70 zuwa 80. Ka nufi 70 zuwa 75 a daidai inda mutumin yake tsaye. Akwai manhajojin auna ƙara na waya. Ba su da cikakken daidaito, amma sun isa su sa kowane mai sauraro ya samu ƙara iri ɗaya, kuma wannan shi ne abin da ake nema. Idan da janareta kake yi, a fili za ka ajiye shi saboda hayaƙinsa, sannan ka daidaita ƙarar da tazara: a fili, duk ninka tazara yana rage kusan desibel 6. Idan a mita 2 ka samu 80, a mita 4 za ka samu wajen 74. Ka yi alama a ƙasa, kowa ya tsaya a nan. Wanda ba shi da manhaja, ya tsaya inda sai ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji, amma ba sai ya yi ihu ba.

A raba gwajin gida biyu: rabin kiran hayaniyar tana wajen mai faɗa, rabi tana wajen mai sauraro. Ba abu ɗaya ba ne. Idan tana wajen mai faɗa, tana shiga makirfon tare da muryarsa, a matse su tare, su iso a cakuɗe. Ga shi kuma mutum yakan ɗaga murya ba da saninsa ba idan yana cikin ƙara, abin da likitan Faransa Étienne Lombard ya bayyana tun 1911, kuma ɗaga murya wasula yake ƙarfafawa fiye da baƙaƙe. Idan tana wajen mai sauraro, muryar ta iso da tsabta amma ƙarar wurin tana danne ta ta ɗaya kunnen.

8. Yaya ake gudanar da kiran kansa?

Mai faɗa da mai sauraro su kasance nesa da juna yadda ba za su ji juna ba sai ta waya, kuma wayar a kunne, ba a lasifika ba. Kafin a fara, a gaya wa mai sauraro abu guda: "Za ka ji sunayen shaguna, ka rubuta abin da ka ji daidai yadda ka ji shi, ko da bai yi maka ma'ana ba." Mai faɗa ya sa sunan a cikin jimlar da za a yi amfani da ita a zahiri, kamar "Salamu alaikum, nan wuri kaza ne, me za a kawo?", da saurin da ake magana a kasuwa. Sau ɗaya zai faɗa. Ya ba da daƙiƙa 10 a rubuta, sannan ya wuce na gaba.

Idan mai sauraro ya ce "na'am?" ko "me ka ce?", a sa alama a gefen sunan, sannan a maimaita sau ɗaya tak. Wannan alamar sakamako ce mai zaman kanta, don mai saye na gaskiya ba kullum yake tambaya ba, wani sai ya yi shiru ya tafi da abin da ya ji. Kada mai faɗa ya tabbatar ko ya gyara. A kuma riƙa juya jerin sunayen daga mutum zuwa mutum, saboda sunan da aka fara faɗa yakan sha kashi kafin kunne ya saba da layin. Ma'aunin da aka ambata a tambaya ta 5 a sa shi a tsakiya.

Wanda ba ya rubutun boko kada a cire shi daga gwajin. Ya maimaita abin da ya ji ga wani da ke tsaye kusa da shi, shi kuma ya rubuta, ko ya rubuta da ajami idan da shi ya saba.

9. Na tattara takardun. Yaya zan karanta sakamakon?

Kowace amsa ka jefa ta ɗaya daga cikin gida uku. Na farko, an ji daidai an rubuta daidai. Na biyu, an ji daidai amma an rubuta da wasu haruffa, wato idan ka karanta abin da aka rubuta da ƙarfi sunanka ne zai fito. Na uku, an ji wani abu daban. Gida na uku laifin sauti ne, kuma maganinsa canza sunan ko ƙara masa kalma. Gida na biyu laifin rubutu ne. Ba ya hana mutum zuwa shagonka da ƙafa, amma yana hana shi samunka idan ya nema a intanet.

Ma'aunin da ya dace a aikace shi ne aƙalla 8 cikin 10 su ji daidai a faɗar farko. Wannan ba doka ba ce, kuma mutum goma ba su isa su raba sunan da ya ci 8 da wanda ya ci 9 ba, ka ɗauke su kunnen doki. Abin da goman za su nuna maka sarai shi ne bambancin 9 da 4. Ka fi mai da hankali ga irin kuskuren fiye da yawansa. Idan mutum uku sun yi kuskure uku daban-daban, wataƙila layin ne. Idan ukun sun rubuta kalma guda wadda ba taka ba, to sunanka yana da tagwai, kuma za ka yi ta haɗuwa da shi muddin shagon yana nan.

10. Za a iya nuna misali daga farko har ƙarshe?

A ɗauka wata mai dafa abinci ce a Kano da za ta riƙa kai wa ma'aikata a ofisoshi, duk cinikinta ta waya. Tana da sunaye uku: Fa'ida, da N.B.D. Kicin daga haruffan sunayen 'ya'yanta, da Tukunyar Gwaggo. Alƙaluman da ke biye na misali ne, amma kurakuran irin waɗanda ake sa ran gani ne.

Fa'ida: mutum 5 sun rubuta daidai, 4 sun rubuta Sa'ida, 1 ya rubuta Farida. Mutum huɗu a kan kuskure guda, ga tagwai ya bayyana. Dalilin a fili yake: f ce a farkon kalma, sunan gajere ne, kuma kalmar da take rikiɗewa zuwa gare ta sunan mace ne, wanda ya fi dacewa da mai abinci a tunanin mai sauraro. N.B.D. Kicin: kowa ya ji Kicin, amma 2 kawai suka samu haruffan uku daidai, sauran sun kawo M.B.D. da N.D.B. da M.D.G. Tukunyar Gwaggo: duka goman sun ji daidai, babu wanda ya ce a maimaita, duk da t da k suna cikin baƙaƙe masu rauni. Kalmomin sanannu ne, gaɓoɓinsu biyar, kuma babu wata kalma kusa da za ta ƙwace su. Sai dai 6 sun rubuta Gwaggo, 3 Goggo, 1 Gwoggo.

Hukuncin: na biyu ya faɗi, babu gyara. Na farko za a iya ceto shi idan aka jingina shi da kalmar da Sa'ida ba za ta zauna a bayanta ba, kamar Mai Fa'ida, sannan a sake gwadawa da sababbin mutane. Na uku ya ci gwajin kunne, sauran aikinsa na rubutu ne. Tunda ita cinikinta na kira ne da aike, za ta iya ɗaukarsa haka. Da a ce ta intanet take sa ran a riƙa nemanta, sai ta yi tunanin wata kalmar da rubutunta ɗaya ne a wurin kowa, ko ta sa duka rubuce-rubucen a bayanin shafinta don mai nema ya same ta ta kowanne.

11. Me ya sa sunayen haruffa suke faɗuwa haka?

Saboda an cire musu duk abin da kunne ke dogara da shi. B, D, G, P, T da V idan aka faɗe su da Ingilishi wasalinsu ɗaya ne, ɗan baƙin farko kaɗai ya raba su, kuma shi ne abin da tambaya ta 3 ta nuna yana fara ɓacewa. M da N haka, F da S haka. Babu kuma ma'anar da za ta taimaka, don kowane jerin haruffa zai iya zama daidai. Wannan matsalar ce ta sa harkar jiragen sama ta duniya ta tsayar da kalmomi a madadin haruffa a 1956, su Alfa, Bravo, Charlie, bayan an gwada su a kan masu harsuna daban-daban cikin hayaniya. Matuƙin jirgi ba ya yarda da B tsirararta a rediyo.

Lambobi ma a yi hattara. Biyu da biyar farkonsu ɗaya, idan ƙarshen ya yanke shi ke nan. A Ingilishi 15 da 50 su ne suka fi shahara da wannan. Ga kuma tambayar da mai sauraro zai rage da ita, da lamba ake rubutawa ko da kalma.

12. Gajeren suna bai fi sauƙin ji ba?

Ya fi sauƙin rubutawa a allo, amma a waya akasin haka ne. Sunan gaɓa ɗaya ko biyu ba shi da rara: baƙi guda ya ɓace, rabin sunan ya tafi. Gaɓa uku zuwa biyar, a kalmomi biyu da aka sani, su suka fi tsira, musamman idan wasulansu sun bambanta. Kalmar da duk wasulanta a ne, irin su sarara ko fatara, nauyin rarrabewa duka yana kan baƙaƙe. Can ɗaya gefen kuma, dogon suna mai jelar kalmomin Ingilishi huɗu ba wanda zai faɗe shi duka, jama'a za su yanke shi su riƙe kalmar farko. Don haka ka gwada guntun da za su riƙe, ba cikakken sunan da ke kan takardar rajista ba.

13. An ce farkon sunan ne kawai ke yankewa idan aka ɗaga waya. Laifin sunan ne?

Ba lallai ba. Layin yakan ɗauki ɗan lokaci kafin ya buɗe sosai bayan an ɗaga, kuma wayoyi suna da tsarin da ke daina turawa idan mutum ya yi shiru, ya dawo idan ya ji murya. Baƙi mai laushi a farkon magana, kamar f ko h ko s, wani lokaci tsarin bai ɗauke shi a matsayin magana ba sai ya wuce. Maganin kyauta ne: kada sunan ya zama kalmar farko. Sallama ta riga shi, ita ta sha yankan. Idan bayan an yi haka har yanzu ana kuskure, to sunan ne, a koma tambaya ta 9.

14. Kiran WhatsApp da saƙon murya sun wadatar a matsayin gwaji?

Ba su wadatar ba su kaɗai. Idan data tana da ƙarfi, kiran intanet yana ɗaukar murya mai faɗi fiye da layin 2G, s da f su fito tas, sai ka samu sakamakon da ya fi gaskiya kyau. Saƙon murya ya fi ma yaudara, don ba ya yankewa a hanya kuma ana iya sake saurara. Amma kiran intanet a kan data mai rauni yana da nasa ciwon, gaɓa guda takan ɓace ɗungum ko muryar ta ja ta karye. Idan masu sayenka suna kiranka ta nan, ka ba shi kira uku cikin goman, a wurin da sabis ke rawa, sauran bakwai a kira na kati.

15. Ni ba ni zan riƙa faɗar sunan ba, mutane ne za su faɗa wa juna. Ana gwada wannan?

Ana gwadawa, kuma shi ne ya fi kusa da yadda suna ke yawo. Bayan mai sauraro na farko ya ji sunan, kada ya rubuta. A bar shi minti 10 ya yi wata hidima, sannan ya kira mutum na biyu, a cikin hayaniyar dai, ya ce masa ga inda zai je. Na biyun shi zai rubuta. Jeri uku ko huɗu irin wannan sun isa. A nan ne ake ganin abin da gwajin farko ba ya nunawa: kalmar da ake yarwa, kalmar Ingilishi da baki ke mayarwa Hausa, da jerin kalmomi da ake juyawa. Sunan da ya ci 9 a tambaya ta 9 amma ya dawo a sauye a jeri biyu cikin uku, ana jinsa amma ba a riƙe shi.

16. Yaushe ya kamata a yi gwajin, kafin rajista ko bayanta?

Kafin a biya kuɗin komai, amma bayan ɗan bincike. A Najeriya, fara duba sunayen a shafin binciken Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ka zubar da waɗanda wani ya riga ka. Ragowar su za ka kai gwaji, wanda yini ɗaya ko biyu ya ishe shi. Wanda ya ci sai ka nemi a keɓe maka shi, kuma keɓewar kwana 60 take yi, don haka kada ka nema sai ka shirya kammala rajistar. Ka riƙe na biyu a hannu ko da hukumar ta ƙi na farko.

Abin da mutane ke mantawa shi ne su duba kuskuren ma. Idan mutum huɗu sun ji Sa'ida, ka nemi Sa'ida a shafin hukumar, ka kuma zaga kasuwarku ka duba alluna. Binciken rajista ba zai gaya maka cewa a waya sunanka da na mai irin sana'arka a layi na gaba abu ɗaya ne ba.

17. Na riga na yi rajista na buga allo, sai yanzu na gano ana kuskuren sunan. Sai na canza?

Ya danganta da gidan da kuskuren ya faɗa. Idan na rubutu ne, kada ka canza. Ka sa yaran shago su riƙa tura sunan da lambar asusu a rubuce bayan kowane kira, ka kuma tsayar da hanya guda ta faɗar harafin da ke rikici, da sunan gari ko na mutum da kowa ya sani, F ta Funtuwa, S ta Sakkwato, M ta Musa, N ta Nuhu. Kowa a shagon ya yi amfani da kalma guda, kada yau a ce wannan gobe a ce wancan.

Idan na ji ne, gwada ƙara kalmar da ke bayyana sana'ar ko wurin a duk lokacin da aka faɗi sunan, kamar "masu taya" ko "na Ƙofar Ruwa", ba tare da taɓa takardun rajista ba. Sake yin gwajin tambaya ta 8 da wannan sabuwar jimlar da sababbin mutane goma. Canjin suna gaba ɗaya, da kuɗin hukuma da sabon allo da gyaran asusun banki, ya cancanta ne a hali biyu: idan tagwan sunan naka kalma ce mai muni, ko kuma sunan wani ne da ke sayar da irin kayanka a garinku.